Wasa Biyu, Talabijin Ɗaya: Abin da Ake Bukata Kafin Allo Ya Rabu

Ranar Lahadi 13 ga Mayu, 2012, da ƙarfe uku na rana agogon Najeriya da Nijar, aka busa usur a filaye goma a lokaci guda. Ita ce ranar ƙarshe ta gasar Firimiya, kuma kofi yana rataye tsakanin maƙwabta biyu. Manchester United ta je Sunderland ta ci ɗaya da nema, aka tashi, 'yan wasanta suna tsaye a fili suna jiran labari. A can gida kuwa Manchester City tana bayan QPR da ci biyu da ɗaya har aka shiga ƙarin lokaci. Edin Džeko ya farke, Sergio Agüero ya ƙara ta uku, City ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1968. Wanda ya kalli wasa ɗaya kawai a ranar, rabin labari ya gani.

Ba haɗuwa ce ta kaddara ba. Da gangan ake jera irin waɗannan wasanni a sa'a guda, don kada wata ƙungiya ta shiga fili ta riga ta san sakamakon da zai ishe ta. A gasar cin kofin duniya, abin ya samo asali ne daga 1982, lokacin da Jamus ta Yamma ta ci Austria ɗaya da nema a Gijón, sakamakon da ya tsallakar da su duka biyun ya kori Aljeriya, wadda ta gama wasanninta kwana ɗaya kafin nan. Daga 1986 zuwa yau, wasanni biyun ƙarshe na kowane rukuni tare ake buga su. Shi ya sa ranar 26 ga Yuni, 2018, sa'ad da Najeriya ke fafatawa da Ajantina a Rasha, mai son sanin makomar rukunin sai ya sa ido a kan Iceland da Croatia a daidai wannan lokacin.

A irin waɗannan ranaku ne masu gidajen kallo da magidanta ke tunawa da wani abu da suka taɓa gani a jikin kwalin talabijin ko a rimot: haruffa uku, PIP. Ma'anarsa hoto a cikin hoto, wato ƙaramin akwati a kusurwar allo yana nuna wani abu daban da wanda babban hoton ke nunawa. Ɗan'uwansa shi ne raba allo gida biyu, hagu da dama, wanda wasu talabijin ke rubuta wa PBP, sababbin na Samsung da LG kuma suke kira Multi View. Mutum ya danna, yana sa ran ganin wasanni biyu, sai ya tarar da ƙaramin akwatin baƙi ƙirin, ko yana ta tartsatsin ɗigo-ɗigo, ko ma zaɓin ya dushe a jerin saituna ya ƙi danno. Daga nan sai a ce talabijin ɗin jabu ne, ko mai shago ya yi ha'inci. Galibi ba haka ba ne.

Talabijin ba ya ƙirƙirar hoto na biyu. Kafin hotuna biyu su fito a allo ɗaya, dole a sami abubuwa biyu masu zaman kansu da kowanne ke kawo nasa hoton, sannan a sami na'urar da za ta iya karɓar su a lokaci guda ta haɗa. Duk wata matsalar da ake gamuwa da ita tana komawa ga ɗayan waɗannan biyun.

A fara da na farko. A cikin kowane talabijin da kowace dikoda akwai wani ɗan sashe mai kamo tasha, wanda masu gyara ke kira tiyuna. Kamar kunnen rediyo yake: idan an murɗa shi zuwa zango ɗaya, ya bar sauran. Dikoda ta gama-gari, ko ta DStv ce, ko GOtv, ko StarTimes, ko Canal+ da ake amfani da ita a Nijar, ko ta tashoshin kyauta, tasha ɗaya take fitarwa ta wayar HDMI a kowane lokaci. Ko da talabijin ya kai inci nawa, ko da an saye shi da tsada, abin da ke shigo masa ta wannan wayar hoto ɗaya ne, ba shi da hanyar da zai ce wa dikoda ta ƙaro masa wata tashar. Har manyan dikodoji masu naɗar shiri, waɗanda ke da tiyuna fiye da ɗaya, yawanci aikin ƙarin shi ne naɗar wata tasha yayin da ake kallon wata. Wasa biyu a tasha biyu yana bukatar dikoda biyu, ko dikoda da eriya, ko dikoda da wayar hannu ko kwamfuta.

Akwai abin da ke rikita mutane a nan. Suna ganin mai fassara da hannu ga kurame a kusurwar labarai, ko suna ganin tasha ta raba allo tana nuna filaye biyu idan an ci ƙwallo a wani wurin, sai su ɗauka talabijin ɗinsu ne ke yin haka. A ɗakin watsa shiri aka haɗa waɗannan, suka iso gida a matsayin hoto guda. Wannan fasahar ta daɗe. A bikin buɗe wasannin Olympics na Montreal a 1976 aka yi amfani da na'urar kamfanin Quantel aka cusa hoton wutar gasar a cikin babban hoto. Mai kallo ba shi da ikon zaɓen abin da ke cikin irin wannan akwatin, ba ya kuma iya matsar da shi.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ya fi cin kuɗin mutane a banza. A bayan talabijin ana ganin ramukan HDMI uku ko huɗu, sai a yi zaton kowanne ƙofa ce mai zaman kanta. A yawancin talabijin ba haka aka gina su ba. Ramukan duka suna zubawa ne a mashiga ɗaya, kuma abin da maɓallin Source ke yi shi ne zaɓen wanda za a buɗe wa hanya. Saboda haka talabijin zai iya haɗa HDMI da eriya, ko HDMI da wata manhaja irin YouTube, ko HDMI da hoton wayar hannu, amma ya kasa haɗa HDMI 1 da HDMI 2. Tsofaffin talabijin masu PIP da yawa haka suke: babban hoto daga HDMI, ƙaramin akwati kuwa daga eriya kaɗai. Wanda ba shi da eriya a jone, shi ne ke ganin tartsatsin nan. Sababbin ma, sai wasu daga cikin manyan samfura ne ke iya nuna HDMI biyu tare, kuma samfura biyu na kamfani ɗaya da suka fito a shekara ɗaya suna iya bambanta a kan wannan.

Gane hakan bai da wuya. A littafin da ke zuwa da talabijin, ko a wanda ke cikin saitunansa, akwai wurin da aka jera abin da zai iya zama babban hoto da abin da zai iya zama ƙarami. Wanda ya fi wannan tabbas shi ne gwaji a shago kafin a biya kuɗi: a jona na'urori biyu a ramuka biyu na HDMI, a buɗe PIP ko Multi View, a sa HDMI 1 a gefe guda. Idan HDMI 2 bai fito a jerin gefe na biyu ba, ko ya fito a dushe, an sami amsa. Rubutun kwali cewa talabijin yana raba allo gaskiya ne, sai dai bai faɗi me da me yake haɗawa ba, kuma mai sayarwa ma sau da yawa bai taɓa gwadawa ba.

To, a ɗauki misalin mai gidan kallo a wata unguwa, da talabijin mai inci 55, dish ɗaya, dikoda ɗaya da benci shida. Ranar ƙarshe ta gasa ta matso, yana son nuna wasanni biyu da kofi ya rataya a kansu. Talabijin ɗinsa ba ya haɗa HDMI biyu. Me zai yi, kuma ina zai iya tuntuɓe?

Matakin farko dikoda ta biyu. Idan ta biyan kuɗi ce, kamfanonin suna da tsarinsu. DStv, alal misali, tana da XtraView, wanda ke haɗa dikoda fiye da ɗaya a kan rajista guda da ƙarin kuɗi kowane wata, kuma wurin da ake karɓar kuɗin shiga yana da irin rajistarsa ta kasuwanci daban da ta gida. Amma samun dikodar ba shi ne ƙarshen aiki ba, domin sai an ciyar da ita daga dish. Abin da mutane da yawa ke yi shi ne su sayi ɗan ƙarfen nan mai rami ɗaya a gefe, biyu a ɗaya gefen, su raba wayar da ta sauko daga dish. Da eriya irin ta GOtv ko StarTimes hakan yana yiwuwa, illa dai kowace dikoda za ta sami ƙasa da rabin ƙarfin siginar, wanda a wurin da siginar ke da rauni zai sa hoto ya riƙa tsinkewa. Da dish kuwa labarin daban ne.

Dalili yana can a hancin dish, a na'urar da ake kira LNB. Tashoshin tauraron ɗan'adam ba a tare suke saukowa ta waya ba. An kasa su: wasu siginarsu a tsaye take, wasu a kwance, sannan akwai zangon ƙasa da zangon sama. LNB mai baki ɗaya kashi guda kawai yake turowa a lokaci, kuma dikoda ce ke gaya masa wanne. Idan ta tura masa wuta 13V yana ba da na tsaye, idan 18V yana ba da na kwance, kuma wani ɗan sauti na 22kHz shi ke ce masa ya hau zangon sama. Masu haɗa dish sun san waɗannan lambobi, suna nan a shafin saitin eriya na dikoda tare da V da H. Idan dikoda biyu suka hau waya ɗaya, ɗaya tana neman 13V ɗaya tana neman 18V, wadda ta fi ƙarfi ce ke rinjaye, ɗayar kuma ta rasa tasharta.

Alamar wannan cuta a fili take. Dikodojin biyu suna aiki lafiya muddin tashoshin da suke kai suna kashi ɗaya, amma da an canza tasha a ta farko sai ta biyu ta rubuta babu sigina, in an koma sai ta dawo. Duk wanda ya ga haka kada ya zargi iska ko hadari, kada kuma ya hau rufi ya fara juya dish. Maganin shi ne LNB mai baki biyu, ko irin wanda kamfanin ya tanada don dikoda fiye da ɗaya, kowace dikoda ta sami abin da take nema ba tare da ta taka 'yar'uwarta ba. Aikin mai haɗa dish ne, kuma gara a yi shi kwanaki kafin ranar wasa.

Yanzu akwai hotuna biyu a kan wayoyin HDMI biyu, saura mai haɗawa. A kasuwar kayan lantarki akwai akwatuna iri uku masu kama da juna, baƙaƙe, da ramukan HDMI a jere, kuma ana yawan sayar wa mutum wanda ba shi yake nema ba. Wanda aka rubuta wa HDMI Switch yana karɓar na'urori da yawa ya fitar da ɗaya bayan ɗaya, aikin da maɓallin Source ya riga ya yi. Wanda aka rubuta wa HDMI Splitter akasin haka yake yi, yana ɗaukar hoto ɗaya ya kai shi talabijin biyu ko huɗu. Gidajen kallo da yawa suna da shi, kuma ba ya haɗa komai. Wanda mai gidan kallonmu ke bukata shi ne HDMI Multiviewer, sau da yawa da kalmar Quad da 4x1 a jikinsa: ramuka huɗu na shiga, ɗaya na fita. Shi ne ke karɓar hotunan a lokaci guda, ya rage girmansu, ya jera su, ya miƙa wa talabijin hoto guda. Talabijin bai ma san hotuna biyu ba ne, don haka kowane irin talabijin mai HDMI zai yi, ko yana da PIP ko ba shi da shi.

Jonawa ba ta da wahala. Dikoda ta farko a rami na ɗaya, ta biyu a rami na biyu, waya daga ramin da aka rubuta OUT zuwa talabijin, sannan a ba akwatin wutarsa. A rimot ɗinsa ko a gabansa akwai maɓallin da ke zagaya tsare-tsaren allo, da wani daban na zaɓen sauti. Abu ɗaya da ba a tunawa da shi sai an zauna: idan dikodojin iri ɗaya ne kuma suna kusa da juna, rimot ɗaya zai canza su tare. Ana raba su nesa, ko a kare idon ɗaya da ɗan kwali yayin da ake saita ɗayar.

Sai batun da ya kamata a yi lissafinsa tun kafin a kashe ko kwabo, wato girma. Talabijin mai inci 55 faɗin allonsa kusan santimita 122 ne, tsayinsa kusan 68. Idan aka raba shi hagu da dama, kowane wasa ya sami faɗin santimita 61. Amma hoton talabijin yana da siffarsa, faɗi 16 ga tsayi 9, don haka idan faɗi ya koma rabi dole tsayi ma ya koma rabi, santimita 34. Abin da ya rage sama da ƙasa baƙi ne. Kowane wasa ya zama daidai da talabijin mai inci 27 da rabi, kuma rabin allon gaba ɗaya yana zaune ba aiki. Abin mamaki a nan shi ne wasanni huɗu a kusurwa huɗu ma girmansu ke nan, inci 27 da rabi kowanne. Wanda ya raba allo biyu bai sami hoto mafi girma fiye da wanda ya raba huɗu ba.

Wasu akwatunan suna cike baƙin wurin ta hanyar miƙe hoto sama, sai 'yan wasa su zama dogaye sirara, ƙwallo ta zama ƙwai. Wasu kuma suna yanke gefe da gefe, sai a rasa mai tsaron gida ko allon ci. Gara baƙin wurin da duka biyun.

Ga mai benci shida, wannan lissafi yana da nauyi. Wanda ke bencin baya, mita shida ko bakwai daga allo, da ƙyar zai karanta lamba a bayan riga a hoto mai inci 27. Sai talabijin ya kai inci 65 kafin kowane rabi ya kai inci 32 da rabi. Ke nan talabijin na biyu mai inci 32, ko da na hannu ne, yana ba wasa na biyu hoto mafi girma fiye da rabin mai inci 55, kuma ya bar wa wasa na farko allonsa cikakke. A ra'ayin mai wannan rubutu, gidan kallon da ke da bango da ƙarfin janareta ya fi dacewa da allo na biyu. Raba allo ya fi amfani a inda bango ɗaya ne, ko wutar sola ba za ta ɗauki ƙarin kaya ba, ko a falo inda mutane ke zaune mita biyu zuwa uku daga talabijin.

Idan kuma wasa ɗaya ne ake kallo da gaske, ɗayan ana leƙensa ne kawai, to hoto a cikin hoto ya fi raba allo daidai-wa-daida. Akwatin da ya ci kashi ɗaya cikin uku na faɗin allo yana rufe kashi ɗaya cikin tara ne kawai na babban hoto. A mai inci 55 faɗinsa kusan santimita 40 ne, ya isa a ga an ci ko an ba da jan kati, sai a danna a musanya, ƙarami ya zama babba. A kula da inda za a ajiye shi. Masu watsa ƙwallo yawanci a sama ta hagu suke sa lokaci da ci, saboda haka kusurwar ƙasa ta dama ta fi rashin ɓarna.

Tsabtar hoto ma tana bin wannan lissafin. Akwatin da ke fitar da 1080p yana da ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsayi, kuma idan ya raba su kowane wasa yana samun 960 da 540 ne kawai, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da dikoda ta aiko. Daga bencin baya ba za a lura ba, amma a falo ƙananan rubutu za su yi dishi-dishi. Akwati mai fitar da 4K, a kan talabijin mai 4K, yana ba kowace kusurwa cikakken 1920 da 1080, sai dai ya fi tsada. A duba da kyau ko 4K ɗin da aka rubuta na ramin fita ne, domin shi ne mai amfani a nan.

Akwai wata matsala da masu kallon ƙwallo ke ji a idonsu ba tare da sun san sunanta ba. Tashoshin Najeriya, Nijar, Ghana da na Turai suna tafiya ne a kan hotuna 50 a daƙiƙa, Amurka kuma 60. Da yawa daga cikin akwatunan nan masu araha 60 kaɗai suke fitarwa. Don cike giɓin, akwatin yana maimaita hoto ɗaya a cikin kowane biyar. A shirin hira ba wanda zai gane, amma idan aka ɗaga doguwar ƙwallo kyamara ta bi ta, sai a ga hoton yana ɗan cije-cije, rubutun da ke gudu a ƙasan allo yana tafiya yana tuntuɓe. Idan aka jona dikodar kai tsaye a talabijin abin ya ɓace, to akwatin ne. A nemi wanda ke da zaɓin 1080p50 ko 50Hz, a kuma sa dikodojin biyu a kan saiti iri ɗaya.

Baƙin allo kuwa, mai zuwa da sauti ko babu, sau da yawa daga kariyar nan ce da ake kira HDCP. Dikodojin biyan kuɗi suna kulle hoton da ke fita ta HDMI don hana kwafa, kuma kafin su saki hoto sai sun tabbatar na'urar da ke ɗaya ƙarshen wayar ta san wannan tsarin. Akwatin da bai goyi bayan HDCP ba zai nuna kwamfuta lafiya lau amma ya ƙi dikoda. Ko wanda ya goyi baya ma yakan rikice idan an ɗauke wuta aka tayar da janareta, komai ya kunnu a lokaci guda. Abin da ke warware shi a yawancin lokuta shi ne a kashe duka, a kunna talabijin, sai akwati, sannan dikodoji ɗaya bayan ɗaya. Idan gefe ɗaya ne kawai ke ƙiftawa, a musanya wayoyin biyu: in matsalar ta bi waya zuwa ɗaya gefen, wayar ce ta lalace.

Ido yana iya yawo tsakanin hotuna biyu, kunne ba ya iyawa. Sauti ɗaya ake zaɓa, kuma a gidan kallo gara a sanar tun farko wanne ne, kafin gardama ta tashi tsakanin magoya baya. Wasu sababbin talabijin suna iya tura sautin hoto na biyu zuwa abin saƙalawa a kunne ta Bluetooth, abin da ke da amfani a gida idan maigida na bin ƙwallo, uwargida na bin fim ɗinta.

Magidancin da ba ya son dikoda ta biyu yana da hanya mai sauƙi idan talabijin ɗinsa na zamani ne: dikoda a gefe ɗaya, manhajar talabijin ko hoton wayar hannu a ɗaya gefen, wanda shi ne haɗin da Multi View ya fi yarda da shi. Sai dai a san abu uku. Ba kowace manhaja ce ke yarda a raba allo da ita ba, kuma wasu na biyan kuɗi idan aka tura hotonsu daga waya sai su fito baƙi. Data ma tana tafiya: hoton da ke cin megabit 5 a daƙiƙa yana cinye gigabait 2 da kwata a awa ɗaya, wasa guda da hutunsa ya haura gigabait huɗu. Na uku shi ne jinkiri. Abin da ke zuwa ta intanet yakan kasance bayan na dish da daƙiƙa ashirin, talatin ko fiye, saboda haka tashar da ke kan dikoda tana iya sanar da cin da aka yi a ɗaya filin tun kafin ƙaramin akwatin ya nuna an ɗauko ƙwallon. Babu saitin talabijin da ke gyara wannan, domin jinkirin yana faruwa ne tun kafin hoton ya iso gida. Abin da kawai za a iya yi shi ne a sa wasan da aka fi damuwa da shi a kan dikoda.

Ba ƙwallo kaɗai ke cin moriyar wannan ba. Mai shago ko mai gida da ke da kyamarorin tsaro zai iya jona na'urar naɗarsu a rami na uku na wannan akwatin, ya ajiye hoton ƙofa a kusurwa yana kallon labarai. A nan ƙaramin hoto bai da illa, tunda abin da ake so shi ne a ga motsi. Sharaɗi ɗaya ne ga masu allon OLED: hoton da ba ya motsi, kamar bakin ƙofa da layukan da ke raba kyamarori, idan ya daɗe yana zama wuri ɗaya awanni da yawa kullum, yana iya barin inuwarsa a allo. A riƙa sauya wa akwatin kusurwa, a rage masa haske, ko a bar wannan aikin ga talabijin na LED.